Firgici ne ko bugun zuciya? Yadda ake yanke shawara idan ƙirji ya riƙe

Wajen ƙarfe 11 na dare aka kawo mana ita a keke napep, yarinya 'yar shekara 22, ɗaliba a nan Gusau. Numfashinta sama-sama, jiki yana ɓari, yatsun hannu sun ƙandare sun tattaru wuri ɗaya kamar mai shirin ɗaukar lomar tuwo. Ba abin da take maimaitawa sai "Inna, mutuwa zan yi, ku yafe mini." Uwar tana riƙe da mayafinta tana kuka, tana ce mini, "Likita, zuciyarta ce, ku taimaka mana." Ni ma'aikacin jinya ne, amma a ɗakin gaggawa duk namijin da ya sa farar riga likita ne, mun daina gyara wa mutane.

Kwanaki kaɗan bayan haka wani dattijo ya shigo da ƙafarsa, ɗan kasuwar hatsi daga wajen Ƙaura Namoda, mai shekara 56. Bai yi kuka ba, bai ɗaga murya ba, har gaisawa muka yi. Ya ce olsa ce ta tashi tun jiya, a ba shi maganin ruwa ya koma. Ɗansa da ya rako shi ya ja ni gefe ya ce tun da 'yan bindiga suka ɗauke ƙanen Alhaji bai sake barci mai kyau ba, damuwa ce kawai.

Yarinyar firgici ne ya kama ta, zuciyarta lafiya lau, kafin asuba ta koma gida. Dattijon jijiyar zuciyarsa ce ta toshe, kuma lokacin da ya iso wani ɓangare na naman zuciyar ya riga ya mutu. Ƙarfin ihu ba ya nuna girman haɗari a wannan lamari, shi ya sa iyalai da dama suke yanke shawara a juye.

Kafin mu yi nisa, Hausa ta ɗan haɗa mana kalmomi. "Bugun zuciya" yana nufin bugawar da zuciya take yi kullum, yana kuma nufin ciwon nan da ake cewa ya kashe wane farat ɗaya. A rubutun nan idan na ce bugun zuciya, ina nufin ciwon: toshewar jijiyar da take shayar da naman zuciya. Idan na ce firgici kuma, ba tsoron da ake ji idan an ji ƙarar bindiga nake nufi ba. Ina nufin wani irin tsoro mai tsanani da yake taso wa mutum ba zato, sau da yawa ba tare da wani abin tsoro a gabansa ba, ya haɗa da faɗuwar gaba da sarƙewar numfashi, ya kai ƙarshensa cikin 'yan mintoci sannan ya lafa.

Abin da ya sa suke kama

Jikin ɗan Adam ƙararrawar haɗari ɗaya gare shi. Idan ƙwaƙwalwa ta ga rai yana cikin haɗari, sai ta sa a saki sinadarin adirenalin cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sauri, gumi ya karyo, jini ya janye daga fata da hanji ya koma ga tsokoki, shi ya sa hannu yake sanyi, ciki yake juyawa. Wannan shiri ne na gudu ko faɗa, kuma shi ne yake tsirar da mutum idan an kawo hari ƙauye.

A firgici, ƙararrawar ce take kaɗawa ba ɓarawo. A bugun zuciya kuwa akwai ɓarawon da gaske, sai dai a cikin gida yake, kuma ƙararrawar da take kaɗawa ita ce dai waccan. Saboda haka gumi, faɗuwar gaba, tashin zuciya da jin cewa mutuwa ta zo, duk ana samun su a ɓangarorin biyu. Wanda ya ce "ai na ga tsoro a idonsa, firgici ne" bai raba komai ba, domin mai bugun zuciya ma tsoro yake ji, kuma yana da dalili.

Akwai abu ɗaya da firgici yake yi wanda ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne yake fi tayar wa iyali hankali. Mai firgici yana numfashi da sauri fiye da bukatar jikinsa, sai ya fitar da iskar kabon da yawa daga jini. Idan ta ragu, jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa suna ɗan tsukewa, mutum ya ji jiri, ya ga duniya kamar a mafarki. Sinadarin kalsiyam da ke yawo cikin jini shi ma yana raguwa na ɗan lokaci, sai leɓe da yatsu su fara tsira-tsira kamar ana tsikara su da allura, in abin ya yi nisa hannu ya ƙandare yadda na yarinyar nan ya yi. Mai kallo zai rantse shanyewar jiki ce ko iska. Da numfashi ya daidaita, cikin minti 10 zuwa 15 yatsun suke sakewa da kansu. Abin lura shi ne, wannan tsira-tsirar a hannu biyu take zuwa tare da kewayen baki. Idan gefe ɗaya ne ya mutu, baki ya karkace, magana ta sarƙe, wannan wani zance ne daban, asibiti ake nufa nan take.

Ciwon ƙirjin ma yana da tushe na gaske a firgici. Tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari suna ɗaurewa saboda numfashin sauri, suna ciwo. Don haka kuskure ne a ce wa mai firgici "ba abin da ke damunki." Akwai abin da ke damunta, ba dai a zuciya yake ba.

A bugun zuciya labarin daban ne. Zuciya tsoka ce, tana da nata jijiyoyin jini da suke kwance a bayanta suna shayar da ita. Shekara da shekaru hawan jini, ciwon suga, taba da yawan kitse a jini suna sa maiƙo ya taru a bangon waɗannan jijiyoyi, hanyar ta ƙuntata. Wata rana tarin maiƙon ya tsage, jini ya daskare a wurin, hanya ta toshe. Naman da ke gaba da toshewar ya rasa jini. Bayan minti 20 zuwa 30 ya fara mutuwa, kuma cikin awa 6 ko kusa da haka yawancin ɓarnar ta gama aukuwa. Naman zuciyar da ya mutu ba ya tohowa, tabo yake zama. Dalilin da ya sa ciwon yake gangarawa hannu ko ya hau muƙamuƙi kuwa, jijiyoyin saƙo na zuciya da na ƙirji da na cikin hannu suna shiga laka a wuri ɗaya, sai ƙwaƙwalwa ta kasa tantance inda saƙon ya fito.

Tambayoyin da nake yi

Tambayar farko ba a kan ciwon take ba, a kan mutumin take. Wane ne shi? Firgici yawanci yana fara bayyana tsakanin ƙarshen ƙuruciya da shekara 35 ko kusa, kuma ya fi kama mata, kusan ninki biyu. Saboda haka idan mutum ya haura 40 bai taɓa yin irinsa ba, yau ƙirjinsa ya riƙe, ba na fara kawo firgici a raina. Idan yana da hawan jini ko ciwon suga, ko yana shan taba, ko mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ciwon zuciya kafin shekara 55, ko mahaifiya ko 'yar'uwa kafin 65, to sai an tabbatar mini ba zuciya ba ce kafin in yarda da wani bayani. Matsalarmu a nan ita ce mutane da yawa suna yawo da hawan jini ba su sani ba. "Ba ni da hawan jini" sau tari ma'anarsa "ban taɓa gwadawa ba."

Tambaya ta biyu: nuna mini inda yake ciwo. A nan hannu ya fi baki gaskiya. Yarinyar ta sa yatsa ɗaya a ƙasan nonon hagu ta ce nan ne yake sukarta, kuma da aka danna wurin ta zabura, da ta ja dogon numfashi sukar ta ƙaru. Dattijon kuwa dunƙule hannu ya yi ya ɗora a tsakiyar ƙirji. Ya ce ba ciwo ba ne ma, nauyi ne, "kamar an aza mini buhun gero." Ciwon zuciya ya fi zuwa a matsayin nauyi, matsi ko ƙuna mai faɗi da ba a iya nuna shi da yatsa ɗaya, dannawa ba ta canza shi, juyawa ba ta canza shi. Yana iya bi ta hannun hagu, ko hannu biyu, ko wuya, ko muƙamuƙi, ko tsakanin kafaɗu. Sau da dama yana zuwa da gumi mai sanyi da amai, fuska ta yi fari fat, kuma mai shi yakan so ya zauna shiru, ba ya son motsi. Mai firgici ya fi kai-kawo, ya tashi ya zauna, ya nemi a buɗe taga.

Tambaya ta uku ita ce lokaci, kuma a ganina ita ce ta fi amfani ga mutanen gida, domin kowa yana da agogo a wayarsa. Firgici yana hawa da sauri, ya kai ƙololuwa cikin kamar minti 10, yawanci ya sauka cikin minti 20 zuwa 30, ya bar mutum a gajiye liƙis. Bugun zuciya ba ya bin wannan tsari. Yana iya farawa a hankali, ya ɗan lafa ya dawo, amma ba ya tafiya, kuma hutu ba ya kore shi. Sai kuma a tambayi kwanakin baya. Da na matsa wa dattijon, ya ce kusan mako biyu ke nan idan ya yi sauri zuwa masallaci ko ya taimaka aka ɗaga buhu, sai ya ji ƙirjin ya yi nauyi, in ya tsaya minti 5 ya wuce. Wannan gargaɗi ne ƙarara: jijiyar ta ƙuntata, tana isar da jini in ana zaune, ba ta isarwa in an yi aiki. Ciwon da aiki yake tayarwa hutu ya kwantar, na zuciya ne har sai an ga akasin haka. Firgici ba ruwansa da ɗaukar buhu, a kan tabarma ma yana kama mutum, har daga barci yana tayar da shi.

Inda waɗannan alamomi suke gazawa

Duk abin da na lissafa yana karkatar da zato ne kawai, ba ya yanke hukunci, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Mata, tsofaffi da masu ciwon suga suna iya yin bugun zuciya ba tare da wani ciwon ƙirji na a-zo-a-gani ba. Suga da ya daɗe yana dakushe jijiyoyin jin zafi, sai abin ya zo a matsayin haki, kasala mai tsanani, amai, ko ƙuna a saman ciki. A nan ne olsa take ɗaukar laifin da ba nata ba. A ƙasar nan duk abin da ya yi ƙuna tsakanin wuya da cibiya olsa ake ce masa. Mutum ya sha farin maganin ruwan nan na kemis, ya yi gyatsa, ya ji ɗan sauƙi, ya ce ai ga shi nan. Sauƙin bai tabbatar da komai ba, ciwon zuciya da kansa yana hawa yana sauka.

Na biyu, damuwa ba ta kare mutum daga ciwon zuciya, tana ma iya tunzura shi. Ɗan Alhaji bai yi ƙarya ba, mahaifinsa yana cikin tashin hankali, ana ta cinikin kuɗin fansa, an sayar da shanu. Amma tashin hankali yana ɗaga jini, yana sa zuciya aiki fiye da ƙima, kuma a jijiyar da ta riga ta ƙuntata hakan yana iya zama sanadin toshewa. A Zamfarar yau da wuya ka sami gidan da ba shi da dalilin firgita. In za a ce duk mai damuwa firgici yake yi, to ba wanda za a kai asibiti. Haka nan wanda aka taɓa tabbatar masa yana da ciwon firgici, shi ma zuciya gare shi, shekarunsa suna tafiya. Ranar da abin ya zo masa da wata kama, ko ya wuce lokacin da ya saba, kada tsohon suna ya rufe masa ido.

Na uku, ba waɗannan biyun ne kaɗai suke riƙe ƙirji ba. Wanda ya fi damuna a yankinmu shi ne na mai jego. Akwai raunin zuciya da yake kama mace a watan ƙarshe na ciki ko cikin watanni 5 bayan haihuwa, kuma arewacin Najeriya yana cikin wuraren da aka fi ganinsa a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa. Alamarsa haki ne, musamman idan ta kwanta, har sai an tara mata matashin kai, da tari da dare, da kumburin ƙafa. Jini kuma yana iya daskarewa a ƙafar mai jego ya ɓalle ya toshe huhu. Mai jegon da take haki kada a ce tsoro ne ko iskar jego, a kai ta. Mai sikila da ƙirjinsa ya riƙe, musamman da zazzaɓi ko tari, shi ma na gaggawa ne. Akwai kuma rikicewar gudun zuciya da take kama matasa, ta fara kamar an kunna inji, ta tsaya kamar an kashe. A ɗora yatsu biyu a wuyan hannu a ƙirga na daƙiƙa 30 a ninka biyu. Na mai lafiya a zaune 60 zuwa 100 ne a minti. Firgici yana iya kai shi 120 ko 130. In ya haura 150 mutum yana zaune, ko yana tsalle-tsalle ba tsari, a je a duba.

To yaushe ake kama hanya?

Na san abin da ake aunawa a gida. Dare ya yi, hanya ba ta da tabbas, mai mota zai tsawwala kuɗi, asibiti ma kuɗi ne. Ba zan ce a kwashi kowa a kowane dare ba. Amma kuskuren biyu ba nauyinsu ɗaya ba. In aka kai mai firgici asibiti, an yi asarar kuɗin mota da barcin dare ɗaya. In aka bar mai bugun zuciya a gida, kowace awa wani yanki na zuciyarsa ake bari, kuma a awannin farko ne zuciya ta fi yawan rikicewa ta tsaya cak.

Ga yadda nake gaya wa dangina. Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji da ya kai minti 15 bai saki ba, a tafi, ko wane ne, ko yaushe ne. Ba ma a jira minti 15 ɗin in akwai gumi mai sanyi, amai, ciwo mai gangarawa hannu ko muƙamuƙi, suma, ko hakin da ya hana mutum ƙarasa magana. Ba a jira in mutumin ya haura 40 kuma karon farko ne, ko yana da suga, hawan jini ko tsohon ciwon zuciya, ko mai ciki ce ko mai jego. Wanda za a iya zama da shi a gida shi ne matashin da ba shi da waɗannan cututtuka, wanda likita ya taɓa dubawa ya ce firgici ne, abin kuma ya zo masa daidai yadda ya saba, yana sauka cikin minti 20 zuwa 30. Karon farko kuwa, ko ga matashi, ya kamata a duba shi. In ya lafa gaba ɗaya kuma ba ko ɗaya daga alamomin can, ana iya bari gari ya waye, amma a je.

Idan an yanke shawarar tafiya, mara lafiyan ba ya tuƙi, ba ya hawa babur shi kaɗai, ba ya takawa zuwa bakin titi in da hali. A zaunar da shi a jingine, a sassauta masa tufafi. In babba ne kuma ana zargin zuciya, ya tauna asfirin miligiram 300, taunawa ba haɗiya ba don ya yi saurin shiga jini. In ƙananan ne na miligiram 75 da masu hawan jini suke sha, guda 4 ke nan. Asfirin yana hana daskararren jinin ƙara girma. Ba a ba wanda jikinsa ba ya karɓar asfirin, ko mai olsar da take zubar da jini, wanda yake baƙin kashi ko aman jini, ko wanda bakinsa ya karkace, ko wanda ciwon ya zo masa farat ɗaya kamar ana yaga shi har gadon baya. Addu'a da tofi a yi su a cikin mota, ba wanda ya hana. Hayaƙin turare dai a bar shi, mai neman iska ba a ƙara masa hayaƙi.

A nufi wurin da yake da na'urar awon zuciya ta isiji da wanda ya iya karanta takardar, ba kemis ba. A Gusau akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, kuma in abin ya fi ƙarfinsu akan tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Da an isa a faɗi abu biyu tun a bakin ƙofa: ciwon ƙirji ne, kuma ƙarfe kaza ya fara. Ƙa'ida ita ce a yi isiji cikin minti 10 da isowa. Sai gwajin jini na tiroponin, wani sinadari da yake fita daga naman zuciya in ya ji rauni. Yana ɗaukar awanni kafin ya hau, shi ya sa ake maimaita gwajin bayan awa 3 zuwa 6. Isijin farko ma yana iya fitowa lafiya alhali ciwon yana nan. Idan aka ce ku zauna a sake gwaji, ba neman kuɗinku ake ba.

Yadda ta kasance da Alhaji

Da muka jera lokutan, nauyin ya fara masa bayan la'asar, wajen ƙarfe 5, yana rumfarsa. Ya yi gumi har rigarsa ta jiƙe, ya yi amai sau ɗaya. Aka kawo maganin olsa daga kemis. Bayan isha'i abin yana nan, aka yi shawarar Gusau, tafiyar da ba ta fi awa ɗaya da 'yan mintoci ba, amma dare ya yi, aka ce a bari sai da safe. Da safe ya ji ɗan dama, aka ƙara jinkiri. Ya iso mana wajen ƙarfe 1 na rana, awa 20 bayan farawa. Isiji ya nuna toshewar tun kallon farko, suga ya hau sosai, ashe shekara 4 ke nan da aka ce yana da shi, yana shan magani in ya tuna.

Akwai allurar da take narkar da daskararren jini ta buɗe jijiya. Ta fi aiki a awa 2 zuwa 3 na farko, amfaninta yana raguwa da kowace awa, bayan awa 12 kuma galibi ba a yin ta, don haɗarin zubar jini ya fi ribar. Alhaji ya wuce wannan lokacin. An ba shi sauran magunguna, ya rayu, aka sallame shi. Amma zuciyar ba ta koma yadda take ba. Da ya dawo a duba shi, daga bakin ƙofa zuwa benci sai da ya tsaya ya huta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙarfe 5 na yamma rana ba ta faɗi ba, hanya tana buɗe. Ba dare ne ya cinye lokacin ba, awa 3 na maganin olsa ne suka kai su daren.

Yarinyar kuwa

Mun auna ta duk da haka. Gudun zuciya 124, a jere yake ba tsalle, iskar jininta cike, isiji ba komai sai sauri. Muka duba suga da yawan jini, domin ƙarancin jini, faɗuwar suga da ciwon maƙoƙo mai sa zuciya gudu duk suna kwaikwayon firgici. Sai na ja kujera na zauna kusa da ita, na sa aka rage jama'a, don mutum 6 a kanka suna salati da ƙarfi ba sa kwantar da hankali. Na ce, "Ƙanwata, dube ni. Ja numfashi ta hanci ina ƙirga 4, ki sake shi a hankali ina ƙirga 6, kamar kina hura kunu mai zafi." Fitarwar ce ake ja, ita ce take mayar da iskar kabon daidai. Ba ma sa mutum ya yi numfashi cikin leda ko jaka, in aka yi kuskure ciwon zuciya ne ko asma, hakan zai rage masa iskar da yake bukata. Cikin kwata na awa yatsun suka buɗe, ta fara jin kunya tana gyara ɗankwali.

Da ta natsu labarin ya fito. Wannan ne karo na uku cikin wata biyu. Na farko ya zo makonni bayan sun tsallake wani tare hanya da aka yi. Ga jarrabawa, tana kwana karatu da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari gwangwani biyu. Sinadarin kafeyin da ke cikin waɗannan, da goro da kofi, yana iya tayar da firgici ga mai saurin kamuwa, haka tiramadol da wiwi. Ta daina zuwa kasuwa, ta daina shiga motar haya, don tsoron kada abin ya kama ta a cikin mutane. Wannan gujewar ce take mayar da firgici ciwo mai cin rayuwa, kuma shi ya sa "ba komai, ku koma gida" bai isa amsa ba.

Firgici yana da magani. Akwai zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam, inda ake koya wa mutum gane cewa faɗuwar gaban ba mutuwa ba ce, a kuma mayar da shi wuraren da yake gudu sannu a hankali. Akwai ƙwayoyin da likita yake rubutawa ana sha kullum, suna ɗaukar mako 2 zuwa 6 kafin a ga aikinsu, wani lokaci ma a makon farko abin yakan ɗan ƙaru, kada a yar da su. Abin da nake hanawa shi ne diyazifam na kemis. Yana kwantarwa nan take, amma jiki yana sabawa da shi, in aka daina firgicin ya dawo da ƙarfinsa. Manyan asibitocin Gusau suna ganin irin waɗannan marasa lafiya, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware kusa da Sakkwato. Da na ambaci wannan ɓangare uwar ta ɓata rai ta ce, "Likita, ɗiyata ba mahaukaciya ba ce." Na ce, "Inna, ko kusa. Ƙararrawar jikinta ce ta yi saurin kaɗawa, masu gyaranta kuma a can suke."

Kafin su tafi na rubuta mata abin da za ta riƙa lura da shi a bayan katinta: ƙarfe nawa ya fara, minti nawa ya yi, me ta sha a ranar, gudun zuciya nawa ta ƙirga. Na kuma ba ta kwafin takardar isijinta ta ajiye, don duk ranar da aka sake yi mata a sami abin kwatantawa. Uwar ma na ce ta miƙo hannu tunda ta zo. Shekararta 51, ba ta taɓa awo ba. Jininta 170 bisa 100, muka ba ta ranar dawowa a sake aunawa.